Logbuk ɗin atachimen a Suame Magazin: yadda aka ƙi littafin wani ɗalibi a sati na huɗu, da yadda ya gyaru

Kafin a fara

Yaron ɗan unguwarmu ne a Aboabo, nan Kumasi, yana shekara ta biyu a karatun difloma na injiniyan mota a ɗaya daga cikin jami'o'in fasaha, waɗannan da muke kira folitekinik kafin dokar 2016 ta canza musu suna. Da dogon hutu ya zo aka ba su wasiƙar atachimen, wato koyon aiki a wurin sana'a, da logbuk, littafin rubuta aikin kullum, aka ce kowa ya nemo inda zai yi sati takwas. Shi ya samu wuri a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, wajen wani masta fita, wato babban makanike, shagon yana gyara ƙananan motocin fetur irin su Corolla da Vitz, kuma masu turotoro suna kawo Sprinter ɗinsu nan. Ni abokin babansa ne, gyaran mota ne sana'ata kuma na saba sa hannu a littattafan 'yan atachimen, shi ya sa maganar ta iso wajena, amma fa sai bayan ta riga ta dagule.

Littafin da aka ba shi irin wanda aka saba ne. Kowane sati da shafinsa, layi biyar ko shida na kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a, a ƙasa wurin taƙaita abin da aka koya a satin, gefe guda wurin zane, sai wurin da mai kula da kai a wurin aiki zai rubuta ra'ayinsa ya sa hannu ya buga sitam. Shafukan duk da lamba. Malami daga makaranta zai zo ziyara ya duba littafin ya yi tambayoyi, a ƙarshe kuma ɗalibi zai rubuta ripot daga abin da ke cikin littafin. Yadda ake raba maki ya danganta da makaranta, amma dai wurare uku ne: abin da masta ya faɗa a kanka, abin da malamin ziyara ya gani, da littafin tare da ripot. Da Turanci ake cike shi, ni zan kawo ma'anar abin da ya rubuta da Hausa.

Sati na 1 da na 2: layi ɗaya ɗaya

A farko yana rubutawa kullum, sai dai abin da yake rubutawa ba ya wuce kalma uku ko huɗu. Litinin "gabatarwa da dokokin shago". Talata "sabis na mota". Laraba "sabis na mota". Alhamis "gyaran birki". Juma'a "na taimaka wa masta". Sati na biyu ma haka, kalmar sabis ta fito sau uku. Ba a ce wace mota ba, ba a ce me mai motar ya zo da shi ba, kuma babu inda za ka gane ko shi ya riƙe sufana ko tsayawa ya yi yana kallo. Wurin zane babu komai. Masta bai sa hannu ba saboda yaron bai kai masa littafin ba, yana jin nauyin ya tare mutum yana ƙarƙashin mota don sa hannu.

Da na tambaye shi daga baya me ya sa, sai ya ce "Kawu ai aikin ɗaya ne kullum, juye bakin mai da canza filta, me zan rubuta kuma?"

Sati na 3: rubutu ya tsaya

A wannan satin aiki ya yi yawa, ana tashi bayan magariba, ga cunkoson shataletalen Suame kafin a samu mota zuwa gida, yana isa ya yi wanka ya ci abinci sai barci. Littafin ya zauna a jaka har sati na huɗu ya shiga, kwana takwas na aiki babu rubutu. Sai aka sa a gurup ɗin ajinsu na WhatsApp cewa malamai sun fara zagaye, za a zo yankin Suame a cikin satin.

Daren nan ya zauna ya cike kwana takwas a zama ɗaya. Abin da ya tuna ya rubuta, inda ya manta kuma ya roƙi wani abokinsa da ke atachimen a wani gareji daban ya ɗauko masa hoton shafukansa, ya kwafa yana canza sunan mota don kar ya yi daidai da na abokin. Washegari ya kai wa masta, masta ya sa hannu a shafi uku a jere ba tare da ya karanta ba, ya sa kwanan watan ranar a dukkansu.

Sati na 4, ranar Alhamis: ziyarar malami

Malamin bai daɗe ba, bai kai minti talatin a shagon ba. Ya buɗe littafin ya tsaya a Larabar sati na uku inda aka rubuta "na canza fulogin wuta guda huɗu a Sprinter, na saita giɓinsu". Ya nuna wata Sprinter da ke tsaye a bakin shago ya ce irin wannan ce, yaron ya ce e. Ya ce to je ka nuna min inda fulogin yake. Sprinter ɗin turotoro injin dizal ne, kuma injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, matsin iska ne yake zafafa silinda har mai ya kama da kansa, abin da yake da shi shi ne hita fulog na ɗumama injin in ya yi sanyi, shi kuma ba shi da wani giɓi da ake saitawa. Abokin da aka kwafa a wajensa a motar fetur ya yi aikin, canza sunan motar ne ya tona asirin.

Daga nan malamin ya koma baya. Ya tambayi birkin da aka gyara a sati na farko na gaba ne ko na baya, kaurin fad nawa ya rage, yaron bai iya amsawa ba. Ya nuna masa cewa kwana takwas duk da biro ɗaya aka rubuta, hannu ɗaya, babu ko ɗigon maiƙo a takardar, ga sa hannun masta guda uku a rana ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya rubuta a wurinsa cewa bayanan ba su isa a tantance ba kuma akwai wanda bai dace da motar da aka ambata ba, ya ƙi sa hannun amincewa, ya ce zai sake dubawa a sati na bakwai, kuma kar a yage shafi ko ɗaya.

Masta ma abin bai masa daɗi ba, don hannunsa ne a ƙarƙashin maganar fulogin Sprinter, a Magazin kuwa in aka ji fita ya sa hannu a irin wannan ai abin faɗa ya samu.

Ƙarshen sati na 4 zuwa farkon na 5: abubuwa uku da aka gwada

Abu na farko da ya zo masa shi ne ya nemo sabon littafi ya sake rubuta komai daga farko da kyau. Wannan bai je ko'ina ba, malami ya riga ya yi rubutu a tsohon da kwanan wata, kuma sabon littafi mai tsabta da aka cike sati huɗu a dare biyu laifin farko ne aka maimaita.

Na biyu, ya ɗauka gajarta ce matsalar, sai ya koma tsawaitawa. Ranar da aka canza fanbel ya buɗe littafin makaranta ya kwafo yadda oltaneta ke aiki, ya cike layukan ranar har ya shiga na gobe. Ya ɗauki hoto ya tura wa malamin don ya ga an gyara. Amsar da ta dawo gajeriya ce, wai wannan darasin aji ne, a gaya masa abin da ya faru da motar da ke gabansa ran nan. Duk abin da ya rubuta gaskiya ne a littafi, amma wanda bai taɓa taka Suame ba ma zai iya rubuta shi.

Na uku, waya. Ya fara ɗaukar hoto da yin saƙon murya ga kansa a lokacin aiki don ya rubuta da dare. Wannan ya ɗan taimaka amma bai ɗore ba, hannu duk bakin mai, wayar ta faɗa masa sau ɗaya a kan siminti, masta kuma ba ya son ganin yaro da waya a hannu ana aiki, wani mai mota ma ya yi magana da ya ga ana ɗaukar motarsa da lambarta. Ga shi saƙonnin murya sun taru ba ya samun lokacin sauraro, abin ya koma jiya i yau, da dare yana rubutu daga abin da ya tuna.

A nan ne babansa ya turo min shi da littafin.

Sati na 5: katin aljihu

Ban rubuta masa ko layi ɗaya ba. Na yanka masa kwalin filta gida huɗu daidai aljihun obarol, na ba shi guntun fensir, don fensir yana rubutu a kan takarda mai maiƙo inda biro yake ƙi. Kati ɗaya na mota ɗaya. A kai zai sa abu biyar kawai kuma ba sai da jimla ba: wace mota ce da irin injinta, me mai ita ya ce tana yi, me aka gani ko aka auna, me aka yi, sannan shi me hannunsa ya yi a ciki. Lambobi a rubuta su a lokacin da ake ganinsu a kan mita, don lamba ce take fara ɓacewa a ka, bayan awa biyu 12.1 da 12.4 duk ɗaya suke zama a tunani alhali ma'anarsu ta sha bamban. Sunan mai mota da lambar wayarsa da cikakkiyar lambar mota ba sa shiga, irin motar da launinta sun isa a gane ta.

Sai lokacin juyewa cikin logbuk. Mun bar maganar dare gaba ɗaya. Minti goma zuwa sha biyar a shago, bayan an tattara kayan aiki ya wanke hannu, kafin ya cire obarol, a kan bencin da suke cin wake da shinkafa. In akwai abin da bai gane ba masta ko babban afrantis suna nan zai tambaya a take.

Abin da muka fi ɗaukar lokaci a kai shi ne kalmar aiki. Ya saba rubuta "an gyara" ko "mun canza", kuma cikin wannan "mun" ɗin ne mai duba littafi ba ya sanin inda ɗalibi yake. Na ce masa mataki huɗu ne kuma kowane layi sai ya faɗi ɗaya: na kalla, na taimaka, na yi masta yana tsaye a kaina, na yi ni kaɗai aka duba daga baya. Ya ce "Kawu in na rubuta na kalla ai za su ga kamar ban yi komai ba." Na ce masa ɗana, malamin nan ya san babu mastan da zai ba ɗan sati biyu injin mutum ya buɗe, abin da yake nema shi ne ya ga aikin da ka kalla a sati na biyar ka taimaka a kai a na shida ka yi shi da hannunka a na bakwai, in kuwa tun ranar farko komai "na yi" ne to babu hawan da zai gani.

Ga shigarwar farko da ya yi a sabon tsari, ranar Talata:

"Corolla fari, injin fetur silinda huɗu. Mai ita ya ce tana rawa in ta tsaya kuma fitilar injin ta kunnu. Babban afrantis ya jona na'urar sikanin a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ni na karanta, P0302. Masta ya sa na kwance koyil na silinda 2 da na 3 na musanya musu wuri, yana tsaye. Aka goge kod aka tada mota, bayan ɗan gudu P0303 ya fito. Matsalar ta bi koyil ɗin, don haka shi ne ya lalace. Masta ya sa sabo, ni na ɗaure na mai da soket. Rawar ta daina, fitila ba ta dawo ba. Ban san me ya kashe koyil ɗin ba, zan tambaya ko tsohon fulogi yana jawo haka."

Layi shida ne, ya shiga wurin da aka tanada. Duk wanda ya san mota zai iya bin sa daga ƙorafi zuwa sakamako. P0302 na nufin silinda ta biyu tana tsallake wuta, amma kod ɗin bai ce koyil ne ba, wato abin da ke ba fulogi wuta, yana iya zama fulogi ko injekta ko matsin silindar ne ya ragu, musanyar nan ce ta raba gardama, da kod ɗin ya tsaya a 2 da an san koyil lafiya yake a nemi laifin a wani wuri. Kuma an ga abin da afrantis ya yi, abin da masta ya yi, da abin da shi ya yi. A wurin zane ya zana koyil huɗu a jere da kibiya tsakanin na biyu da na uku, zanen ba kyau amma ya faɗi abin da ake so.

Sati na 6: inda babu awo, inda babu aiki, inda aka yi kuskure

Wannan satin ne tambayoyin gaske suka taso, don katin yana da sauƙi in akwai na'ura mai nuna lamba. A Magazin kuwa masta da yawa da kunne da ido da tafin hannu suke aiki, kuma sau da yawa suna dacewa. An canza fad ɗin birkin gaba na wata Vitz, babu wanda ya ɗauko abin awo, masta ya leƙa ya ce ya ƙare. Yaron ya so ya sa milimita 2 tunda ya san ana canzawa ne in ya kai wajen 3 ko ƙasa. Na ce a'a, lambar da ba a auna ba ba ta shiga littafi. Ya rubuta cewa ba a auna ba, da ido masta ya yanke hukunci, sannan ya ɗauki tsohon fad ɗin da aka jefar ya auna da rula, na ciki ya rage kusan milimita 2 na waje kusan 5, ya rubuta cewa awon rula ne bayan an cire. Wannan bambancin ya sa ya tambayi masta dalili, masta ya nuna masa fil ɗin da kalifa, wato maƙalar fad ɗin birki, take zamewa a kai ya bushe ya cije, aka goge aka shafa giris. Da ya ƙirƙiri lamba ɗaya da wannan darasin ya wuce shi.

Wata ranar kuma babu wuta tun safe, dumso, ga ruwan sama, mota ɗaya ce ta shigo ita ma taya ce. Ya rubuta haka kamar yadda yake, sannan ya ƙara abin da ya yi da lokacin, ya wanke kayan aiki ya jera sufana daga lamba 8 zuwa 24, ya gano 10 da 13 babu su ya faɗa wa masta, babban afrantis ya nuna masa yadda ake gwada fiyus da rile da mita a kan tsohuwar mota. Ranar Juma'a yana rubuta lokacin da ya fita masallaci da lokacin da ya dawo. Ranar da aka yi jana'iza a unguwa bai je aiki ba, ya rubuta bai zo ba da dalili da cewa ya kira masta da safe, layi ɗaya, sauran wurin ya ja layi a kai don kar a ga kamar an bar shi ne a cike daga baya.

Sai kuskure. Bayan ya canza filtar iska a wata Corolla ya manta bai mai da soket ɗin sensar iska ba, aka tada mota ta yi ta rawa fitila ta kunnu, afrantis ya gano cikin minti biyu. Ya so ya bar wannan a waje. Na ce ya sa, a taƙaice, me ya faru, yaya aka gane, me aka yi, me zai riƙa yi daga yanzu, kuma kar ya ɗora wa kowa kar kuma ya yi ta zagin kansa a takarda. Ya rubuta cewa yanzu kafin ya rufe bonet yana ƙirga soket ɗin da ya cire da waɗanda ya mayar.

Akwai aikin batir ɗaya da ya kwana biyu, shi ma ya nuna amfanin rubuta kowace rana da abin da aka sani a ranar kawai. Laraba wata Vitz ta zo ba ta tashi da safe. Ya auna da kansa, batir a zaune 12.1 V, lokacin tayarwa ya faɗi zuwa 8.9 V, injin yana gudu 14.1 V. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen 12.6 V, lokacin tayarwa ba a son ya sauka ƙasa da 9.6 V, oltaneta mai lafiya kuma yana ba da wajen 13.8 zuwa 14.5. Ya rubuta cewa caji yana shiga, ana zargin batir amma ba a tabbatar ba, an cire shi an sa a caja. Alhamis ya rubuta ci gaban, an caje shi an bar shi ya kwana ba a jone da komai ba, da safe ya dawo 12.0 V, ba ya riƙe caji, aka sa sabo. Bai koma ya gyara na Laraba don ya nuna kamar tun farko ya sani ba.

Sa hannun masta ma mun canza yadda ake yi. Kowace Juma'a da safe kafin aiki ya yi zafi yaron zai karanta masa satin da baki, yana juya masa da yaren Tuwi inda ya kamata don masta ba mai yawan karatun Turanci ba ne, masta ya gyara abin gyara sannan ya sa hannu da kwanan watan ranar. Sau ɗaya ya ce masa wannan ai ba kai ka ɗaure ba ni na ɗaure, aka ja layi aka gyara a gabansa.

Tsofaffin shafuka

Waɗannan ba a taɓa su da tifes ko reza ba. Duk shigarwar da aka kwafo ya ja mata layi ɗaya siriri yadda har yanzu ana iya karanta ta, ya rubuta a gefe cewa wannan ba aikin da aka yi a shagon ba ne, ya sa kwanan watan gyara da haruffan sunansa. Sannan muka nemi abin da za a iya dawowa da shi da shaida. Masta yana da littafin da yake rubuta kuɗin kayan gyara da na aiki, daga nan aka gano motocin da suka shigo a biyar daga cikin kwana takwas ɗin. Waɗannan ya rubuta su a shafin ƙarin bayani na bayan littafi da take a sama cewa an rubuta daga baya ne daga littafin shago, babu awo a ciki. Sauran kwana ukun ya rubuta cewa ya zo aiki amma bai ajiye bayani ba. Masta ya sa hannu a wannan shafin ma.

Sati na 7 da na 8: sake dubawa da sakamako

Malamin ya dawo ranar Talata ta sati na bakwai. Ya karanta gyaran tsofaffin shafuka bai ce komai a kai ba. Ya zaɓi ranar koyil ya tambaya da kod ɗin bai motsa ba me za ka duba gaba, yaron ya ce fulogi, sai injekta, sai matsin silinda. Ya tambayi fad ɗin nan me ya sa ɗaya ya fi cinyewa, ya amsa. Ya miƙa masa mita ya ce auna min batir ɗin waccan motar, ya auna. Ya sa hannu, ya rubuta cewa daga sati na biyar bayanan sun inganta kuma sun dace da abin da ɗalibi ya iya nunawa.

A ƙarshe an karɓi littafin, bai maimaita atachimen ba. Makin da ya samu a logbuk matsakaici ne, an rage masa saboda sati huɗun farko kuma an faɗa masa haka. Ripot ɗin ƙarshe babin ayyukan da aka yi kusan duka daga sati na biyar zuwa takwas ya fito, don na baya babu abin ɗauka a ciki.

Abin da nake gani

A ganina gajartar rubutu da kwafen duk daga wuri ɗaya suka fito, tazarar da ke tsakanin aikin da rubutun. Sati biyun farko yana rubutawa da dare bayan lambobi da sunan mota sun tafi, abin da ya rage a ka shi ne kalmar sabis. Da tazarar ta kai kwana takwas ko wannan ma babu, sai shafin aboki. Shi ya sa sabon littafi da kwafen darasi ba su yi aiki ba, dukkansu gyaran kamannin shafi ne, waya kuma ta kama bayanin amma ta bar rubutun a dare. Katin kwali ya yi aiki ne don ya rage tazarar zuwa minti kaɗan kuma bai saɓa da yanayin shagon ba.

Ban ɗora wa yaron laifin duka ba. An miƙa masa littafi ba a nuna masa ko shigarwa ɗaya mai kyau ba, kuma mu masu sa hannu muna da namu, hannun da aka sa a shafi uku ba a karanta ba shi ya ba kwafen ƙafar tsayawa. Amma kwafen shi ya yi, kuma rage makin daidai ne.

Tsarin yana da iyaka. Katin ba ya ƙara maka aikin da ba a ba ka ba, in shago wankin sassan mota kaɗai yake sa ɗalibi sati bayan sati to littafin gaskiya zai nuna hakan, kuma abin yi shi ne a kai wa ofishin da ke kula da atachimen a makaranta magana tun da wuri a nemi canjin wuri ko a yi wa masta magana. Haka kuma ba kowane malami ne zai ba da dama ta biyu ba, wannan ya bayar, wani yana iya kai maganar kwafe gaban kwamiti tun ranar farko. Waɗanda ke atachimen a asibiti ko banki ko kamfani kuma sai su fara tambayar me aka yarda a rubuta kafin su ɗauki ko da kati a aljihu, don can dokar sirri ta fi ta gareji tsauri nesa ba kusa ba.